Kalma biyu a kan takarda, ma'ana biyu a gaban alƙali

Wani Alhaji da ke sarin wake daga Maraɗi yana saukewa a Katsina ya aiko da tambaya. Shi da abokin cinikinsa za su sa hannu a yarjejeniyar buhu 600, da Turanci da Faransanci, kuma suna son kwafin Hausa. Tafinta ya iske without prejudice a wuri biyu: a cikin sharaɗi na 9, da kuma saman wata wasiƙa da Alhajin zai aika kan ragowar kuɗin bara. Duka biyun ya mayar da su sans préjudice a Faransanci, a Hausa kuma ya rubuta "ba tare da son zuciya ba". Ya halatta a sa hannu?

Alhaji, a dakata tukuna. Wannan Hausar ba ta da alaƙa da maganar ko kaɗan, domin ba son zuciya ko nuna bambanci ake nufi ba. Kalmomin aiki biyu suke yi, kowane da tasa fassarar.

Na cikin sharaɗi na 9 mai sauƙi ne. Sharaɗin ya ce idan kaya suka yi latti za a rage maka wani abu a kuɗi, kuma wannan ragi bai hana ka soke cinikin ba. A Faransanci sans préjudice de ya yi daidai, muddin an sa de ɗin an kuma ambaci haƙƙin da ake karewa. In aka bar shi tsirara, mai karatu zai iya ɗauka cewa ana nufin ba wanda ya yi asara, saboda préjudice a wajensu asara ce ko cuta. A Hausa a rubuta: "ba tare da tauye haƙƙin mai saye na soke cinikin ba."

A wasiƙar ne gizo ke saƙa. Ka ce abokin cinikinka yana bin ka sefa miliyan 20, kai kuma kana ganin waken ya zo da ƙwari, za ka yi tayin miliyan 12 a rufe magana. A Najeriya, sashe na 196 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce takardar da aka yi wa wannan take a lokacin neman sulhu a wajen kotu ba za a kafa hujja da abin da ke cikinta a shari'ar da ba ta laifi ba. Wato in sulhu ya rushe, ba zai miƙa wa alƙalin Babbar Kotun Katsina wasiƙarka ya ce ga shi ka amsa miliyan 12 da hannunka ba. Kariyar tana da iyaka: sai da saɓani na gaske da ake neman sasantawa, kuma in ya karɓi tayin, ana iya nuna wasiƙar don tabbatar da cewa an daidaita. Kada kuma a ɗora taken a saman yarjejeniyar kanta, wadda ita ce kake son alƙali ya gani.

To amma wannan kariya gadon shari'ar Ingilishi ce, ba ta tsallaka Jibiya da kanta. Abin da masu fassara suka fi sawa a Faransanci shi ne sous toutes réserves. Ma'anarsa ita ce ban yafe wani haƙƙi nawa ba. Bai ce ba za a karanta takardar a kotu ba. Kana iya rubuta shi da manyan baƙaƙe, lauyansa kuma ya ɗauki wasiƙar ya sa a fayil a Maraɗi. Ni da kaina na taɓa ganin wasiƙa irin wannan, an buga mata hatimi har biyu, mai ita yana ta murna ya rufa wa kansa asiri.

Saboda haka kada a nemi kalma ta maye kalma, a rubuta jimla cikakkiya a harsunan uku. Hausarta ita ce: "Wannan takarda ta neman sulhu ce. Ba amsa bashi ba ce, kuma ɓangarorin biyu sun yarda ba za a gabatar da ita a gaban kotu ko wani mai yanke hukunci ba." Abokin cinikinka ya sa hannu a kan wannan kafin ka ambaci ko sefa ɗaya. In da ni ne kai, ba zan tsaya nan ba. Nijar tana cikin OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka, Najeriya ba ta ciki, kuma dokar sasantawa da ƙungiyar ta amince da ita a 2017 ta hana kai tayin da aka yi a zaman sasantawa gaban kotu a matsayin shaida. Idan akwai yiwuwar ƙarar ta faɗa can, ku naɗa mai shiga tsakani a rubuce, a yi tayin miliyan 12 a gabansa, ka kuma sa lauyan Maraɗi ya duba jimlar Faransancin.

Saura abu ɗaya da tafintanka bai tambaya ba. Dole yarjejeniyar ta fayyace dokar ƙasar da za a bi, kotun da za ta saurari ƙara, da kwafin da zai rinjaya in an sami saɓanin fassara. In kun zaɓi Babbar Kotun Katsina, na Turanci ya zama uwa, domin da shi kotun take aiki, kwafin Hausa da na Faransanci sai an fassara mata su kafin ta duba.