RR ko OR: wanne zan rubuta?

"Daga tebur ɗaya RR ya ba ni 2, OR kuma 2.67. Kuskure na yi? Wanne zan rubuta?"

Lissafinka daidai ne, abin da kowannensu yake aunawa ne ya bambanta. RR, wato relative risk, da OR, wato odds ratio, ma'aunai ne biyu na kwatanta kamuwa da cuta tsakanin rukuni biyu. A ce cikin ma'aikata 100 masu shaƙar ƙura, 40 sun kamu da cuta (a), 60 ba su kamu ba (b). Cikin 100 da ba sa shaƙa, 20 sun kamu (c), 80 lafiya lau (d).

RR = [a/(a+b)] ÷ [c/(c+d)] = 0.40 ÷ 0.20 = 2

OR = (a×d) ÷ (b×c) = 3200 ÷ 1200 = 2.67

RR yana raba waɗanda suka kamu da dukan rukunin, shi kuwa OR da waɗanda ba su kamu ba kawai yake raba su. Idan cutar ta yawaita, b da d sukan ragu, sai OR ya fi RR nisa da 1. Da a ce mutum 4 da mutum 2 ne suka kamu cikin dubu-dubu, da OR ya zama 2.004, kusan daidai da RR.

Tsarin bincikenka ne zai raba gardama. In ka bi masu lafiya ne har wasu suka kamu, rubuta RR. In kuwa marasa lafiya ka fara tarawa, sannan ka nemo masu lafiya don kwatantawa, OR kaɗai ya halatta, domin kai ka zaɓi yawan kowane ɓangare. Ninka masu lafiyar ka gani: RR zai sauya, OR ba zai motsa ba.

Don Allah kada ka rubuta cewa haɗarin ya ninka sau 2.67. A wannan teburin sau 2 ya ninka.