Tafiyar da ake yi bayan gudu, wai tana da amfani kuwa?

Tambaya: Salam likita. Ina gudu a Filin Sukuwa bayan asuba, kamar kilomita 5, sau uku a sati. Kocinmu kullum sai ya ce kar mu tsaya cak, sai mun ɗan taka mun yi miƙa, ni kuma sauri nake in kai yara makaranta. Sau biyu yanzu ina tsayawa naga duhu-duhu jiri ya ɗebe ni. Kuma ko na yi tafiyar washegari cinyata sai ta yi tsami. Wai abin nan yana aiki kuwa ko al'ada ce kawai? Shekarata 34.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kocinka yana da gaskiya, amma ba don dalilin da yawancin mutane suke faɗa ba. Tafiyar nan maganin jirin ce, ba maganin tsamin cinya ba ce, kuma in ka raba waɗannan biyun a kanka to an gama rabin magana.

Bari in fara da jirin tunda shi ne ya fi damuna a saƙonka. Lokacin da kake zaune zuciyarka tana tura jini kamar lita 5 a minti ɗaya. Da ka shiga gudu sosai sai ya ninka har sau huɗu ko fiye, kuma mafi yawansa ƙafafu yake tafiya, hanyoyin jinin da ke cinya da dambubu duk sun buɗe sun yi faɗi don su karɓa. Toh jinin da ya sauka ƙafa waye zai mayar da shi sama? Zuciya turawa take, ba ita kaɗai take iya jawo shi ba. Tsokar dambubunka ce take wannan aikin, duk takun da ka yi tana matse jijiyoyin jini kamar yadda kake matse ledar fiya wata, jinin ya haura, kuma akwai wasu 'yan ƙofofi a cikin jijiyar da ke hana shi komawa ƙasa. Yanzu ka duba abin da kake yi: ka zo ƙarshen zagaye, nasan kuma ƙara wuta kake a mitocin ƙarshe kamar kowa, sai ka ja birki ka tsaya ƙiƙam. Famfon ƙafa ya mutu nan take amma hanyoyin jinin suna nan a buɗe, jini ya taru a ƙasa, wanda ke komawa zuciya ya ragu, wanda ke kaiwa ƙwaƙwalwa ya ragu, shine kaga duhun nan, kunne ya yi shuu, wani ma sai dai a ɗauke shi a ƙasa.

Mu kuma a Kano zafi yana ƙara mana. A watan Afrilu da rana take haura digiri 40, jiki yana tura wani kaso na jinin zuwa fata don ya huce, ga gumi ya rage ruwan jiki, kaga abin da ya rage ya koma zuciya ya ƙara ƙaranci kenan. Masu gudu da azumi dab da shan ruwa su suka fi kowa haɗuwa da wannan. Haka wanda yake shan maganin hawan jini, don dama bayan motsa jiki awon jini yana sauka da kansa na ɗan lokaci, in aka haɗa da magani da tsayuwa cak sai abin ya yi yawa. Na taɓa ganin wani bawan Allah a gefen fili, ya gama gudu lafiya lau yana dariya, ya tsaya yana hira da mai lemo, ko minti ɗaya ba a yi ba ya sulale. Mutane suka taru suna ƙoƙarin zaunar da shi su ɗura masa ruwa, wallahi wannan kuskure ne babba, wanda bai gama farfaɗowa ba ruwan zai iya sarƙe shi. Kwantar da shi muka yi a inuwa muka ɗaga ƙafafunsa sama da ƙirjinsa, kafin wani lokaci kaɗan ya dawo hayyacinsa, sai a sannan aka ba shi ruwa.

Sai maganar tsamin jiki, anan ne zan saɓa da abin da ake yawan faɗa a fili. Za ka ji ana cewa ka taka don laktik asid, wani sinadari da ke ƙaruwa a jini in ana gudu, ya fita, in ba haka ba gobe ba za ka iya sunkuyawa ba. Eh, tafiya a hankali tana sa sinadarin nan ya ragu a jini da wuri, wannan gaskiya ne. Amma ko kwanciya ka yi, cikin awa ɗaya ko makamancin haka ya koma daidai da kansa, to ta yaya abin da ya tafi tun kafin ka karya kumallo zai sa ka ciwo jibi? Tsamin da ke zuwa washegari daga 'yan ƙananan raunuka ne a cikin zaren tsoka, musamman in ka ƙara nisa, ko ka ƙara sauri, ko ka yi gangara, ko ka dawo bayan hutun sati biyu. Yakan fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72 sannan ya lafa. An gwada wannan kai tsaye: a 2007 wasu masu bincike a Ostareliya sun sa mutane 52 tafiya da baya a kan injin gudu mai gangara don dambubunsu ya yi tsami, waɗanda suka ɗumama jiki kafin farawa sun ɗan samu sauƙi kaɗan, waɗanda suka yi tafiyar hucewa bayan gamawa kuwa babu wani bambanci. A 2018 ma an tattara binciken da aka yi a kan batun, abin da ya fito shine hucewar ba ta wani hana tsami, kuma babu hujja mai ƙarfi cewa tana hana jin rauni ko tana sa ka fi gudu gobe. Miƙa ma haka, ragin da take yi wa tsami ɗan mitsitsi ne da ba za ka ji shi a jikinka ba. Don haka da kaga cinyarka tana tsami duk da ka taka, ba wai ka yi ba daidai ba ne. Abin da ke rage shi shine ƙara nisa sannu a hankali da yawan yi har tsokar ta saba.

Toh ga abin da nake so ka yi, minti biyar ne cif, ba zai hana ka kai yara ba. In ka zo inda ka saba tsayawa kar ka tsaya, ka sauko zuwa sassarfa ta minti ɗaya, irin wadda za ka iya yi wa na kusa da kai magana jimla guda ba ka yanke ba. Daga nan minti biyu na tafiya, na farko da ɗan sauri kamar wanda zai tari adaidaita, na biyu tafiyar kasuwa, hannu yana lilo, kai a sama, kar ka duƙa ka dafa gwiwa. Waɗannan minti ukun su ne ainihin aikin, in ranar ka makara sosai to su za ka riƙe ka bar sauran, ka mayar da su tafiyar zuwa inda ka ajiye mashin ɗinka ma ya yi, shi yasa nake ce wa mutane su dinga ajiye abin hawa da ɗan nisa.

Minti biyun ƙarshe miƙa ce guda uku, kowace ƙafa daƙiƙa 20. Ka dafa bango ko bishiya, ƙafa ɗaya a baya a miƙe, dunduniya a manne da ƙasa, ka tura ƙugu gaba har ka ji jan a dambubu. Sai ka tsaya da ƙafa ɗaya, hannu ɗaya na riƙe da bangon, ka kamo idon sawun ɗayar ka kawo dunduniya kusa da mazaunai, gwiwoyi a haɗe, wannan ta gaban cinya ce. Ta ƙarshe ka ɗora dunduniya a kan dakali ko gefen kwalbati, abu mai ƙasa-ƙasa dai, bayanka a miƙe, ka ɗan karkato daga ƙugu har ka ji a bayan cinya. Banda girgiza, banda riƙe numfashi, ja za ka ji ba zafi ba. Kuma kai da kake da jiri kar ka yi irin miƙar nan ta sunkuyawa a taɓa yatsun ƙafa, ɗagowar ce take kayar da mutum. Na faɗa maka miƙa ba ta hana tsami, to me yasa na saka ta? Don tsoka tana da ɗumi a lokacin, ta fi karɓar ja, kuma mai gudu da ke wuni a zaune a ofis ko shago dambubunsa da cinyarsa ɗaurewa suke. In sanyin hunturu ne ka saka rigarka kafin ka fara miƙar, jiƙaƙƙen jiki da iskar Disamba ba sa shiri.

In kana so ka gani da idonka cewa abin na aiki, ka sa yatsu biyu a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa ka ƙirga bugu na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Misali da ka gama gudu ka samu 42, wato 168 a minti. Bayan minti ɗaya kana takawa ka samu 36, wato 144, ya sauka da 24 kenan, alama ce mai kyau. Ƙarshen minti biyar ɗin ka samu 27 ko 28, wajen 110, numfashi ya daidaita, to ka hau mashin ɗinka. In har yana sama da 120 kana haki, ƙara minti biyu na tafiya, ka kurɓi ruwa. Likitocin zuciya suna lura da wannan saukar ta mintin farko, in kullum bayan gudu mai ƙarfi ba ya sauka da fiye da 12, ka ambata wa likita.

Abu ɗaya da ba na so ka ɗauka da wasa: jiri bayan an tsaya daban, jiri ana tsakiyar gudu daban. Na farkon yawanci taruwar jinin nan ce. Amma in duhun ya zo maka kana cikin gudu, ko da ciwon ƙirji, ko zuciya tana bugawa ba tsari, ko ka taɓa faɗuwa sumamme, ko a danginku akwai wanda ya rasu farat ɗaya da ƙuruciya, to ka ajiye gudu tukuna ka je asibiti a auna jininka a yi maka gwajin zuciya, akwai sashen zuciya a Asibitin Malam Aminu Kano. Wanda kuma ya faɗi a zafi jikinsa rau yana sambatu bai san inda yake ba, wannan ba na ɗaga ƙafa kaɗai ba ne, a jiƙa shi da ruwan sanyi nan take a yi asibiti da shi.

Kai dai ka gwada minti biyar ɗin na sati biyu, ka sha kofi ɗaya ko biyu na ruwa kafin ka fito, ka daina ƙure gudu a mitocin ƙarshe. In jirin ya sake zuwa duk da haka, ka je a duba ka, kar ka jira na huɗu.