Doka ɗaya, alƙalai bakwai, karatu biyu: yadda kotu ke fassara kalmomin doka

Tambaya: Barista, ni ɗalibar shari'a ce a aji biyu. An koya mana cewa alƙali na iya bin lafazin doka, ko ƙa'idar zinare, ko manufar doka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wa ke gaya masa wadda zai ɗauka? Ko kawai yana zaɓar wadda za ta kai shi inda yake so ne?

Amsa: Akwai tsari, ƙanwata, sai dai tsarin yana da kafa, kuma a kafar nan ake yin duk rigimar. Waɗannan ƙa'idoji daga kotunan Ingila muka gaje su, don haka bari mu fara daga can.

Tushe shi ne lafazi. Idan kalmomin doka a bayyane suke, alƙali zai ba su ma'anar da kowa ya sani, ko da sakamakon bai yi masa daɗi ba. Hujjar kuwa mai ƙarfi ce: majalisa ke yin doka, ba wanda ya zaɓi alƙali, kuma talaka yana da haƙƙin ya karanta doka ya san abin da aka hana shi. A shekarar 1868 an gurfanar da wani mutum a Ingila, a shari'ar Whiteley da Chappell, saboda ya jefa ƙuri'a da sunan mamaci. Dokar ta haramta yin sojan gona da sunan mutumin da yake da haƙƙin jefa ƙuri'a. Kotu ta ce mamaci ba shi da wannan haƙƙi, saboda haka laifin bai tabbata ba, aka sallame shi. Kowa ya san maguɗi ya yi, har da alƙalan. Amma suka ce toshe ɓarakar aikin majalisa ne.

Ƙa'idar zinare ba kishiyar lafazi ba ce, birkinsa ce. Lord Wensleydale ya tsara ta a shari'ar Grey da Pearson a 1857: a bi ma'anar da aka saba, sai fa idan za ta haifar da shirme ko ta sa dokar ta ci karo da kanta, to a nan sai a karkata gwargwadon abin da zai kawar da shirmen, kada a wuce. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ɗalibai suka fi mantawa a jarrabawa. Dubi shari'ar Sigsworth ta 1935. Ɗa ya kashe mahaifiyarsa, dukiyarta za a raba ta bisa dokar gādo ta 1925, wadda ta ce a ba zuriya, shi ne kuma zuriyar. Babu wani ruɗani a kalmomin, amma kotu ta ƙi yarda mai kisa ya ci gādon wadda ya kashe. Wanda ya karanta mirasi a zaure ba zai yi mamakin wannan hukunci ba. Matsalar ƙa'idar ita ce babu ma'aunin shirme. Abin da wannan alƙali ya gani a matsayin rashin hankali, wancan zai ce tsauri ne kawai, kuma tsauri ba ya ba kotu izinin taɓa kalmomin majalisa.

Ta uku, bin manufa, tana tambayar abin da majalisa ta so ta cimma. Kakarta ita ce ƙa'idar shari'ar Heydon ta 1584, wadda ta ce a duba ɓarnar da aka yi dokar don a magance. Mai bin manufa yana karanta dokar gaba ɗayanta, da dogon sunanta, da gabatarwarta, da sauran sassanta. A Ingila, tun hukuncin Pepper da Hart na 1992, har bayanan minista a zauren majalisa ana iya dubawa idan kalmomin suna da harshen damo.

To ga kafar da na ambata. Duk tsarin ya rataya ne a kan jumla ɗaya: idan kalmomi a bayyane suke. Wa ke yanke cewa a bayyane suke? Alƙalin nan dai. Babu shari'ar da ta nuna wannan kamar ta Awolowo da Shagari.

A zaɓen 11 ga Agusta 1979, Alhaji Shehu Shagari ya fi kowa ƙuri'u, 5,688,857, Cif Obafemi Awolowo yana biye da 4,916,651. Amma dokar zaɓe ta 1977 da aka yi wa gyara ba ta tsaya a rinjaye ba. Ta buƙaci ɗan takara ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kowace ɗaya daga cikin aƙalla kashi biyu cikin uku na dukkan jihohin tarayya. Jihohi a lokacin 19 ne, kuma 19 ba ta rabuwa uku. Kashi biyu cikin uku nata 12 ne da biyu bisa uku. Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12. Ta goma sha uku ita ce Kano, inda Malam Aminu Kano ya mamaye, Shagari ya samu 243,423 cikin 1,220,763, wato kashi 19.94 cikin 100.

Ɓangaren Awolowo suka ce jiha ba ta gutsuruwa. Doka ta ce "kowace ɗaya", ta kuma ce "aƙalla", don haka idan 12 ba ta kai ba, sai a haura zuwa 13, kuma Shagari bai samu rubu'i a jihohi 13 ba, dole a je zagaye na biyu. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce doka ta faɗi kashi biyu cikin uku, lissafi kuma ya ba da 12 da biyu bisa uku, wanda ya ce 13 ya ƙara wa doka abin da ba ta faɗa ba. Ta yaya za a auna biyu bisa uku na Kano? Sai aka ɗauki biyu bisa uku na ƙuri'unta, 813,842, aka lissafa rubu'insa, ya ba da 203,460 da rabi. Ƙuri'un Shagari 243,423 sun zarce haka.

Ranar 26 ga Satumba 1979, kwana biyar kafin sojoji su miƙa mulki, Kotun Ƙoli mai alƙalai bakwai a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Atanda Fatayi-Williams ta kori ƙarar Awolowo. Babban hukuncin ya ce kalmomin a fili suke, a ba su ma'anarsu ta lissafi. Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa, ya tsaya a kan 13. Ki lura da kyau: ba wai ɓangare ɗaya ya riƙe lafazi ɗaya ya riƙe manufa ba ne. Kowanne yana da kalmar da ya kama a cikin layi guda. Masu rinjaye sun jingina da "biyu cikin uku", mai saɓawa ya jingina da "kowace" da "jiha".

Ni a ganina raunin hukuncin yana cikin lissafin ne. An rage jimillar ƙuri'un Kano zuwa biyu bisa uku, amma aka bar na Shagari cur, kamar dukkan masu zaɓensa a cikin wannan biyu bisa ukun suke zaune. Da an rage nasa daidai da yadda aka rage jimillar, da sun koma 162,282 cikin 813,842, wato 19.94 ɗin nan dai, bai motsa ba. Da kuma an tambayi manufa, amsar ba ɓoyayya ba ce: an sa sharaɗin ne don kada mutum ya hau mulki da ƙuri'un yankinsa kaɗai. Sai dai manufar ma tana iya yi wa kowane ɓangare aiki, domin wanda ya yi rubu'i a jihohi 12 ya kuma doshi kashi 20 a ta goma sha uku ba ɗan takarar yanki ɗaya ba ne. Shi ya sa nake gaya wa ƙananan lauyoyi kada su ɗauka ambaton manufa yana kashe gardama.

Inda manufa ta yi aiki sosai shi ne shari'ar Marwa da Nyako. Sashe na 180 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce gwamna zai yi shekara huɗu daga ranar da ya yi rantsuwa. Gwamnoni biyar, Murtala Nyako na Adamawa, Aliyu Wamakko na Sakkwato, Ibrahim Idris na Kogi, Timipre Sylva na Bayelsa da Liyel Imoke na Kuros Riba, an rantsar da su ranar 29 ga Mayu 2007, kotu ta soke zaɓensu, aka sake a 2008, suka sake ci, suka sake rantsuwa. Sai suka ce tun da zaɓen farko rusasshe ne, rantsuwar farko ma ba ta nan, a fara ƙirga daga ta biyu. Babbar Kotun Tarayya da Kotun Ɗaukaka Ƙara suka yarda da su, kuma ba a banza ba, domin a 2007 Kotun Ƙoli ta ƙirga wa Peter Obi na Anambra shekara huɗunsa daga ranar rantsuwarsa ta Maris 2006.

Ranar 27 ga Janairu 2012 Kotun Ƙoli ta rushe wannan karatu, ta ce wa'adinsu ya ƙare tun Mayun 2011. Dalilinta shi ne kundin ya nufi wa'adi na shekara huɗu, ba fiye da sau biyu ba, kuma fassarar gwamnonin za ta sa soke zaɓe ya zama riba ga wanda aka soke wa: a yi maguɗi, a ci shekara guda a kan kujera, sannan a faro sabon lissafi. Bambancinsu da Obi a fili yake. Shi bai taɓa hawa ba kafin rantsuwarsa, su kuwa suna ofis suna sa hannu a kasafin kuɗi tun 2007. Kotun ba ta jefar da kalmomin sashen ba. Rantsuwa biyu ce a gabanta, sashen bai faɗi wacce ba, sai manufa ta zaɓa mata ta farko. Wannan shi ne bin manufa na halal: cike gurbin da lafazi ya bari, ba goge abin da ya faɗa ba.

Idan kina karanta hukunci kina son ki gane ko alƙali ya yi gaskiya ko ya fara da amsa ne sannan ya nemo hanya, ki duba abu biyu. In ya ce kalmomi a bayyane suke, shin ya yi bayanin duk kalmomin sashen, ko ya kama guda ya tsallake wadda ta dame shi? In kuma ya ce manufar doka kaza ce, daga ina ya samo ta? Manufar da aka ciro daga gabatarwar dokar da sauran sassanta hujja ce. Wadda ba a nuna mata tushe ba, ra'ayin alƙali ne aka sa wa rigar majalisa.

Ki kuma kula da irin dokar da ke gabansa, don ba duka ake yi wa karatu ɗaya ba. Kundin tsarin mulki ana buɗe masa fassara, kamar yadda Mai Shari'a Udo Udoma ya shimfiɗa a shari'ar Nafi'u Rabi'u da Jihar Kano a 1980. Dokar laifi da ta haraji kuwa ana ƙuntata su, shakka ta amfani wanda ake tuhuma ko ake neman kuɗi a hannunsa. Sashe na 36(12) na kundin 1999 ya hana a kama mutum da laifin da rubutacciyar doka ba ta fayyace ba tare da hukuncinsa. Saboda haka lauyan gwamnati da ya zo da hujjar cewa ai manufar majalisa ta haɗa da abin da wanda ake tuhuma ya aikata, alhali kalmomin ba su kai can ba, zai sha wuya a gaban kotu fiye da wanda ya kawo irin wannan hujja a kan wa'adin gwamna.