Sunansa ne kaɗai a takardar gidan: mene ne haƙƙina bayan rasuwarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mijina ya rasu sati uku ke nan. Mu biyu ne matansa, ya bar 'ya'ya biyar, maza biyu mata uku, nawa namiji ɗaya da mace ɗaya, iyayensa kuma sun riga shi. Lokacin ginin gidan na sayar da gwal ɗina na ba shi naira miliyan 3, daga baya kuma ya sha cewa ɓangaren da nake ciki ya bar mini. Yanzu ƙannensa sun ce sunansa ne kaɗai a takarda, in shirya komawa gidanmu za a sayar. Ina da wani haƙƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri.

A yanzu dai babu mai ikon fitar da ke. Takaba wata huɗu ne da kwana goma, kamar yadda ya zo a aya ta 234 ta Suratul Baƙara, ko zuwa haihuwa ga mai juna biyu. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Arewacin Najeriya ke aiki da ita, matar da ta tare tana yin takabarta a gidan da mijin ya rasu ya bar ta, muddin gidan nasa ne ko ya riga ya biya kuɗin hayar wannan lokaci. Ko masu bin mamacin bashi ne suka sa aka sayar, sai an sanar da mai saye cewa zai jira ki gama. Abin da ba ki da shi a takaba shi ne ciyarwa daga dukiyar magada; wannan daga rabonki zai fito.

Ƙannen nasa kuwa ba magada ba ne. Ɗa namiji yana katange 'yan'uwan mamaci gaba ɗaya, ga shi kuma har biyu ya bari. Shawara za su iya bayarwa, amma sa hannunsu a takardar ciniki bai sayar da gidan ba, sai fa in mamacin ya naɗa ɗayansu wasiyyi, shi ma kan rabon yara ƙanana ne kawai.

Sunan da ke jikin takarda hujja ce mai ƙarfi cewa gidan nasa ne, kuma a haka alƙali zai ɗauke shi har sai an kawo abin da ya rushe hakan. Aure kansa bai mai da mace abokiyar tarayya a dukiyar miji ba, ko da shekara talatin suka yi. Don haka kuɗin gwal ɗin nan ne ya fi cancantar ki mai da hankali a kai, domin bashi ana fitar da shi ne bayan kuɗin jana'iza, kafin wasiyya da rabon gado.

Tambayar da za a yi miki a kotu ita ce: da wane suna kika ba shi? Idan kyauta ce, ta tafi. Idan rance ne, za a biya ki miliyan 3 ɗinki daidai, ko da gwal ya ninka kuɗi sau biyar tun lokacin. Idan kuwa kun yi da shi cewa kin shiga ginin ne a matsayin mai rabo, to kaso kike da shi a gidan kansa. Bambancin ba ƙarami ba ne. A ce fili da gini sun ci miliyan 9 a lokacin, yau kuma an kimanta gidan miliyan 27. Mai rance za ta karɓi miliyan 3, mai tarayya kuwa sulusin gidan ne nata, wato miliyan 9. Ki faɗi abin da ya faru na gaskiya, kuma ki tsaya a kan magana ɗaya. Da dama daga masu irin wannan da'awa a nan suke faɗuwa: a gaban dangi su ce taimaka masa suka yi, a kotu su ce bashi ne, sai a kawo waɗanda suka ji maganar farko.

A sha'anin dukiya ana karɓar shaidar maza biyu adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwarki. Da yake wanda ake bi ba ya nan balle ya kare kansa, alƙali zai ƙara sa ki rantse cewa bai biya ki ba, ba ki kuma yafe ba. Tun yanzu ki nemo rasiɗin mai shagon gwal, da bayanin asusun banki na watan da kuɗin ya shiga wurinsa, da saƙonnin waya idan akwai. Rasiɗi yana nuna kin sayar da gwal ne kawai. Wanda ya ga miƙa kuɗin ko ya ji mamacin yana cewa kina bin sa, shi ne shaidar da ta fi amfani. Yaranki ba za su yi miki shaida ba, saboda ba a karɓar shaidar ɗa ga mahaifiyarsa.

Maganar "na bar miki ɓangaren nan" ita ce mai rauni, kuma gara ki ji tun da wuri. Kyauta ba ta tabbata sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓe abin ya fita daga hannun mai bayarwa tun yana raye da lafiyarsa. Malaman Malikiyya sun yi magana kan wannan mas'ala takamaimai: idan mace ta ba mijinta gidan da suke zaune ciki, kyautar ta yi ko da ta ci gaba da zama, amma idan miji ne ya ba matarsa ya kuma ci gaba da zama ciki har ya rasu, ba a yi hauzi ba, domin samar da mazauni dama wajibinsa ne, zamanta a ciki bai nuna ta karɓe ba. Idan kuma nufinsa bayan mutuwarsa ne, ta zama wasiyya, kuma babu wasiyya ga magaji sai sauran magada sun amince. Shi ya sa matar da mijinta ke raye, in da gaske yake, a rubuta kyautar da shaidu, a kai ma'aikatar filaye a sauya suna da amincewar gwamna kamar yadda dokar amfani da filaye ta 1978 ta tanada, a kuma tambayi malami yadda za a cika hauzin.

Ga lissafin idan rance ne ya tabbata, gidan kaɗai ya bari, babu wani bashi ko wasiyya. A cire miliyan 3 daga 27, saura 24. Tumuni shi ne miliyan 3, ke da abokiyar zamanki ku raba, miliyan ɗaya da rabi kowacce. Miliyan 21 da ta rage a kasa bakwai: kowane namiji miliyan 6, kowace mace miliyan 3. Idan aka haɗa bashinki da tumuninki da rabon yaranki biyu, miliyan 13 da rabi ke nan, rabin gidan cif. Rabon yaran ba naki ba ne, amana ce a hannun wasiyyi ko wanda kotu ta naɗa, amma wannan lissafin ne zai ba ki damar roƙon a bar muku ɓangarenku a madadin kuɗi, a ja katanga, maimakon a sayar da gidan duka. Idan gidan ba zai rabu ba sai ya lalace, to kotu na iya ba da umarnin sayarwa.

Kada ki sa hannu ko dangwala yatsa a wata takarda cikin kwanakin nan, kada kuma ki kwashe kayanki. Ki ɗauki hoton takardar gidan, ki wakilta ɗan'uwanki ko lauya ya shigar da buƙatar rabon gado a Babbar Kotun Shari'a ta yankinku, da da'awar kuɗinki a ciki, ya kuma roƙi a dakatar da duk wani ciniki. Wajen kimanta gidan, ki nemi a kawo masu kimantawa aƙalla biyu waɗanda ba ƙannen ne suka zaɓo su ba, domin idan akwai mai niyyar saye a cikin dangi, a nan ake karya farashi.