Hukuncin mai azumi da magani ke busar masa da baki

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ina Daura, likita ya ɗora ni a kan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari da kuma amitiriftilin saboda ciwon jijiya. Tun da na fara sha bakina ke bushewa, sai na riƙa kwana da alewa a baki, yanzu haƙorana sun soma kogo. Ga azumi ya matso. Shin in dakatar da maganin? Me ya halatta in yi da rana?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kada ka dakatar da maganin da ra'ayin kanka, domin shari'a ba ta yarda a kawar da cuta da wadda ta fi ta ba, kuma hawan jinin da aka saki yana iya kaiwa ga shanyewar ɓarin jiki, shi ma amitiriftilin ba a yanke shi kwatsam. Ka koma wurin likitan ka faɗa masa, shi ke da ikon rage adadi, ko sauya lokacin sha, ko canza maka wani.

Hukuncin ba zai fito sarai ba sai an san aikin yawu. Mai lafiya yana fitar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini. Duk lokacin da sukari ya shiga baki, ƙwayoyin cutar da ke manne da haƙori suna mayar da shi sinadari mai tsami da ke narkar da ɓawon haƙori, yawu kuma shi ke wanke sukarin, ya kashe tsamin, ya mayar wa haƙori ma'adinan da ya rasa. Amitiriftilin yana danne saƙon jijiyar da ke umartar yawu ya fito, maganin fitsarin kuma yana rage ruwan jiki. Da dare yawu yana raguwa ko ga mai lafiya, saboda haka alewar da kake kwana da ita tana ciyar da ƙwayoyin cuta a daidai lokacin da babu mai kare haƙoran. A ganina ita ce babbar mai laifi, kuma barinta ya zama dole gare ka tunda cutarwarta ta bayyana. Irin wannan ruɓewar takan fara ne daga gindin haƙori, daf da dasashi, sai ka ga wurin ya yi ruwan ƙasa, ruwan sanyi yana sa shi tsami.

Game da rana kuwa, Shehu Halil ya ambata a Muhtasar cewa aswaki ya halatta ga mai azumi yini duka, haka ma kurkure baki saboda ƙishirwa. To ka kurkura duk lokacin da bakin ya ɗaure, ka tofar, ba tare da kai ruwan can ciki ba. Idan ya rinjaye ka ya wuce maƙogwaro a azumin farilla, akwai ramuwa a mazhabar Malikiyya, babu kaffara tunda ba da gangan ba ne. Malamanmu sun karhanta ɗanyen aswaki saboda abin da ke narkewa daga gare shi, don haka ka riƙe busasshe. Haɗiye yawunka ba ya ɓata komai. Cingam kuwa, ko da marar sukari ne, yana da zaƙi da ke narkewa ya bi yawu, haɗiye shi yana karya azumi, sai ka bar shi zuwa bayan magariba. Yi wa ruɓaɓɓen haƙori magani da rana makaruhi ne, sai idan ana tsoron jinkiri zai cutar, shi ya sa nake ba ka shawarar zuwa wurin likitan haƙori a cike kogunan tun cikin Sha'aban.

Daga buɗa-baki zuwa sahur nan ne aikin yake. Ka riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, ka ajiye kofi kusa da shimfiɗa, musamman idan hunturu ya buso. Kunu, zoɓo da shayi mai sukari ka sha su tare da abinci a zama ɗaya, domin yawan maimaita zaƙi cikin dare ya fi yawansa illa. Bayan cin abinci ka tauna cingam marar sukari, zai motsa yawu. Ka goge baki kafin barci da bayan sahur, kafin alfijir, da man goge baki mai fuloraid, wanda adadin fuloraid ɗin da aka rubuta a jikinsa yake tsakanin 1350 da 1500 ppm, sannan ka tofar kawai, kada ka bi da ruwa, don sinadarin ya zauna a haƙoran. Aswaki sunna ce, amma mai busasshen baki ya haɗa shi da wannan man. Ruwan kurkure baki mai sinadarin barasa yana ƙara bushewar, ka guje shi.

Bushewar baki ita kaɗai ba uzurin shan azumi ba ce. Amma idan jiri ya haɗu da ita, ko amintaccen likita ya ce azumi tare da maganin fitsarin zai cutar da ƙodarka, ka shiga cikin marasa lafiyar da aya ta 185 ta Suratul Baƙara ta yi wa rangwame, ka sha, ka rama idan ka samu sauƙi. Idan kuma ƙishirwar ta yi yawa har ramewa ta biyo baya, ka nemi a auna maka sukarin jini. Allah ne mafi sani.