Hukuncin takardar gargaɗi da yanke albashin mai aikin shara saboda makara

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ce shugabar masu shara da gyaran ɗakuna a wani otal. Wata daga cikinsu ta makara sau 7 a wata ɗaya, alhali yarjejeniyarta ta ce ƙarfe 7 na safe ake fara aiki, awa 8 a rana. Idan aka tara makarar ta kai minti 240. Na yi mata magana da baki sau biyu. Gaskiya ba ta tafiya sai ta gama ɗakunanta, ko da lokacin tashi ya wuce. Ina so in ba ta takardar gargaɗi, in rubuta cewa za a yanke mata kuɗin yini guda a kan kowace makara. Wani ya ce min ya halatta tunda Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri da kika tambaya kafin ki sa hannu.

Takardar gargaɗi halal ce, babu saɓani. Ke ma amana aka ba ki, kuma kin riga kin yi magana da baki har sau biyu. Ita kuma lokacin da ta yarda da shi wajibi ne ta cika.

Inda hukuncin ya juya shi ne maganar da kika faɗa a wucewa, cewa ba ta tafiya sai ta gama ɗakunanta. Malaman fiƙihu suna kiran irin wannan ma'aikaciya ajiri na musamman, wato wanda aka ɗauka na wani lokaci sananne, kuma yana cancantar ladansa da miƙa kansa ga aiki a cikin lokacin. Saboda haka abin da ake iya cirewa daga albashinsa shi ne gwargwadon lokacin da bai bayar ba. Mu yi lissafin da lambobinki: minti 240 awa 4 ne, rabin yini ke nan a wurin mai aikin awa 8. Ke kuma kina nufin cire kwana 7, ninki 14 na abin da ya kuɓuce. Sannan ko rabin yinin nan ma, in har kuna ganin tana rama shi da yamma, kun amfana da aikin kun yi shiru, to babu gurbin cire shi. Ba a karɓar ramuwa sannan a karɓi kuɗin abin da aka rama. Ki duba littafin sa hannu, ki lissafa mintocin da ta ƙara bayan tashi kamar yadda kika lissafa na safe.

Shi kuwa wanda ya kafa miki hujja da cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu, ya ɗauki rabin hadisin ya bar rabi, domin a wata ruwayar an togace sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal. Na farko dai ki tambayi kanki, ina sharaɗin yake? Abin da kika ambata a yarjejeniyarta lokacin fara aiki ne, ba ki ambaci tara ba. Sharaɗi shi ne abin da ɓangarori biyu suka yarda da shi. Maganar Alƙali Shuraihu da Bukhari ya kawo, wadda masu wannan ra'ayi suke dogara da ita, cewa ta yi wanda ya ɗora wa kansa sharaɗi da son ransa ba tare da tilas ba, to ya hau kansa. Abin da shugaba ya rubuta shi kaɗai a takardar gargaɗi, ya miƙa wa mai tsoron rasa abincinta, ba shi ne wannan ba.

To a ce ma yana cikin yarjejeniyar tun farko. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta halatta sharaɗin biyan diyya a cikin yarjejeniyoyin dukiya in ba bashi ba ne, amma ta ɗaure shi da cutarwa ta haƙiƙa, ta ce ba a aiki da shi idan saɓawar ta zo ne daga abin da ya fi ƙarfin mutum, ko kuma babu cutarwar da ta auku, kuma kotu tana iya rage shi idan an wuce gona da iri. Wace asara ce makarar kusan minti 34 a rana ta jawo da ta kai kuɗin yini cikakke, bayan an share ɗakunan an shimfiɗa gadajen?

Idan kuma aka ce ai horo ne ba diyya ba, to an shiga babin ta'aziri da dukiya, wanda mafi yawan malaman mazhabobi huɗu suka hana. Waɗanda suka halatta shi, kamar Abu Yusuf da Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim, a kan hukuncin shugaba da alƙali suke magana. Ke kuwa ɓangare ce a cikin shari'ar, kuma kuɗin da aka yanke aljihun mai otal zai koma. Ina ji miki tsoron hadisin nan na mutane ukun da Allah zai yi husuma da su ranar Alƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ɗan ƙodago ya cika masa aiki, shi kuma ya hana shi ladansa. Ki cire layin yanke kuɗin daga takardar.

Wannan ba ya nufin ta kuɓuta daga laifi. Ramuwar yamma tana kare albashinta ne kawai, ba ta goge saɓa alkawarin safe, domin wata ce take ɗaukar mata keken kayan shara da ɗakunan farko kafin ta iso. A kan wannan za ki gina takardar.

Kafin ki rubuta, ki zauna da ita ke da ita, ki ji dalili. Mai jinyar yaro da mai barcin safe ba takarda ɗaya ake ba su ba, kuma wataƙila mayar da ita ƙarfe 8 zuwa 4 ya kashe maganar gaba ɗaya, in masu wurin sun yarda. Idan kin zo rubutu, takardar shaida ce da za a ajiye a fayil ɗinta, don haka kada ki rubuta “kullum kina makara” alhali sau 7 ne, wannan ƙarya ce ko da fushi ya kawo ta. Ki kawo ranakun ɗaya bayan ɗaya da lokacin isowarta, ki ambaci ranakun da kika yi mata magana da baki. Ki rubuta abin da ake so a fili, misali: “Ana buƙatar ki kasance a bakin aiki ƙarfe 7 daga ranar kaza, idan wani uzuri ya taso ki sanar da ni kafin lokacin, za mu sake duba maganar bayan kwana 30.” Abin da zai biyo baya in ba ta gyara ba, ki faɗi wanda yake cikin dokar wurin aikinku da dokar ƙwadago ta ƙasarku, ban da barazanar da ba ki da ikon zartarwa. Ki kuma rubuta cewa tana kammala aikinta, domin ɓoye wannan tauye shaida ne. Kalmomi irin su malalaciya ba su da wuri a ciki.

Ki miƙa mata a keɓe, ba a gaban abokan aikinta ba, kada kuma a liƙa a allon sanarwa. In ba ta iya karatu sosai, ki karanta mata da harshen da take ji, ki bayyana mata cewa sa hannunta shaidar karɓa ce kawai, ki bar mata fili ta rubuta uzurinta, ki ba ta kwafinta.

Abu ɗaya da ba ki tambaya ba amma zan faɗa miki: ki buɗe littafin sa hannun ki duba sauran. Idan akwai wata mai makara irin wannan da kike kawar wa kai saboda kuna shiri, to ko dai takarda biyu ko babu ko ɗaya. Ki kuma duba ko albashin ita wannan yana zuwa mata a kan lokaci. In yana makara, ki kai wannan maganar sama a ranar da kika miƙa mata takardar.

Allah ne mafi sani.