Wasiƙar koci ga iyayen yara: me ya kamata a rubuta a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da yara 'yan ƙasa da shekara 13 ƙwallo a Tudun Wada, su 26. Wasu sai ranar wasa nake ganinsu, iyaye kuma suna ta ƙorafin ba na saka 'ya'yansu. An ce in rubuta musu wasiƙa. Me zan saka a ciki?

Wa alaikumussalam Koci, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina riƙe da yara masu irin wannan shekarun a nan Zariya, kuma shawarata ita ce kada ka rubuta komai a wasiƙar nan sai abin da za ka iya ƙirgawa, kuma za ka iya zartarwa ko a kan yaron da ya fi kowa iya ƙwallo. Kalmomi irin su "a riƙa zuwa a kan lokaci" ko "kowa zai samu dama" ba sa raba gardama, domin kowane uba da yadda zai fassara su.

Kafin ka ɗauki biro, ka fara tambayar yaran lokutan karatunsu. Yawancin makarantun allo da Islamiyyu da yawa suna hutu Alhamis da Juma'a, sauran ranakun kuwa yaro yana makaranta bayan La'asar, wasu kuma har da safiyar Asabar da Lahadi. Idan ka sa tirenin ranar Talata da yamma, kai ka haɗa yaro da malaminsa, kuma babu uban da zai zaɓi ƙwallo a kan karatu. Idan akwai yaran da ke zuwa daga Sabon Gari ko Wusasa masu zuwa coci, safiyar Lahadi ma ta fita. Lokacin tashi shi ma ka rubuta shi da Magariba, ba da agogo kaɗai ba, saboda da hunturu ana kiran salla shida da 'yan mintuna, da damina kuwa sai wajen bakwai saura. Iyaye mata sun fi damuwa da wannan layin fiye da duk sauran wasiƙar.

Ga yadda nake rubuta ɓangaren halarta. Tirenin sau uku a mako. Wanda ya zo biyu cikin uku ya cancanci shiga jerin 'yan wasan makon, wanda bai kai biyu ba ba zai shiga ba. Wanda ya makara fiye da minti 15 zai yi tirenin, amma za a rubuta masa makara, kuma makara biyu daidai take da fashi ɗaya. Sai ka raba uzuri da fashi. Rashin lafiya, jarrabawa, rasuwa, tafiya da iyaye, duk uzuri ne, da sharaɗin uba ko uwa ko wanda ke riƙe da yaron ne zai kira ka ko ya turo saƙo kafin lokacin. Ba na karɓar uzurin da aboki ya kawo, don yara suna rufa wa juna asiri. Duk wannan ba zai yi aiki ba sai da littafin kiran suna, irin na aji, wanda kake cikewa a gaban yaran kafin a fara gudu.

Sai maganar buga wasa, wadda ita ce ainihin rigimar. A nan lissafi za ka yi kafin ka yi alkawari. Mu ce wasanku minti 60 ne, talatin-talatin. Ka cire gola, saura gurbi goma a fili, wato minti 600 ke nan da za a raba. Cikin yaranka 26, idan biyu gololi ne, saura 24. Ko da ka raba daidai wa daida, kowa minti 25 zai samu. To idan ka rubuta cewa kowane yaro zai buga rabin wasa, ka yi alkawarin minti 720 alhali 600 gare ka, kuma tun wasan farko wani uba zai riƙe maka takardar da ka sa wa hannu.

Abin da ya fi shi ne ka tafi kowane wasa da yara 18, gola biyu da 'yan ciki 16. Goma su fara, shida suna benci, kuma ka yi alkawarin duk wanda ya shiga jerin zai buga aƙalla minti 20. Hakan yana nufin shida daga cikin waɗanda suka fara za su fito a minti na 40 ko kafin nan, huɗu su buga har ƙarshe. Yara takwas da suka rage a gida, matuƙar sun cika sharaɗin halarta, su ne farkon shiga jerin mako mai zuwa. Ka rubuta wannan juyin ƙarara, domin uban da ya san ɗansa zai buga mako mai zuwa ba ya zuwa fili da faɗa.

Amma ka bambanta wasan sada zumunta da gasa. Dokokin ƙwallo sun yarda a wasan yara a fitar da ɗan wasa ya sake komawa idan hukumar ƙwallo ta ƙasa ta amince, kuma a sada zumunta kai da ɗaya kocin kuna iya daidaitawa kafin a fara. A gasar cin kofi kuwa sau da yawa ana ƙayyade canji, a ce uku ko biyar, kuma wanda ya fita ya fita ke nan. Da canji biyar ba yadda za ka saka 'yan benci shida. Saboda haka ka rubuta cewa alkawarin minti 20 na sada zumunta ne, a gasa kuwa koci ne zai zaɓa bisa halarta da ƙwazo, kuma ana iya zuwa a dawo yaro bai taɓa ƙwallo ba. Gara su ji zafin maganar a takarda da su ji ta a bakin fili.

Bari in ba ka misalin inda wasiƙar ke tsayawa ko ta faɗi. Akwai wani yaro da na taɓa riƙewa, ɗan gaba, shi ke ci mana yawancin ƙwallaye. Wani mako bai zo tirenin ko ɗaya ba, ba kira ba saƙo, ranar wasa sai ga shi da takalminsa, mahaifinsa ya kawo shi a babur. Sunansa ba ya cikin jeri. Uban ya ce, "Haba Koci, ai ka san ba shi ba ci." Na ce, "Alhaji, gaskiya ne, amma ga littafi, ga kuma takardar da ka sa wa hannu. In na saka shi, wanda zan cire ya zo sau uku makon nan." Ya yi fushi ya tafi, aka kuma ci mu. Makon da ya biyo yaron ya zo tirenin duka, kuma sauran yaran da suke ganin dokar ta 'yan benci ce kawai suka daina fashi. Idan kana son gane ko iyaye da yara sun daina yarda da takardarka, ka duba littafin kiran suna: 'yan benci ne ke fara ɓacewa, yawanci bayan sun ga an saka wanda bai zo ba.

Ɗabi'a kuma ka taƙaita ta, ka haɗa kowane laifi da hukuncinsa. Ashar ko zagin alƙalin wasa, yaro ya fita daga fili nan take kuma ba zai buga wasa na gaba ba. Dambe, wasa biyu, sannan sai ya zo da mahaifinsa. Wanda aka kama da kayan maye ko makami an dakatar da shi sai an zauna da gidansu. Rage shekaru shi ma a nan yake, don haka ka nemi kwafin takardar haihuwa tun wajen rajista.

Iyaye da yayye su ma suna da nasu layin, kuma shi ya fi wuyar rubutawa don da manya kake magana. Ka yi shi da ladabi amma kada ka zagaya. Ba a shiga fili, ba a zagin alƙalin wasa ko yaran wata ƙungiya, ba a ba yaro umarni daga waje, saboda uba yana cewa ya hau gaba kai kana cewa ya dawo baya, yaron ya rasa na wanda zai bi. Mai ƙorafi kada ya tare ka ranar wasa, ya bari sai gobe ya kira, kuma ba a gaban yaro ba. Abin da ke sa su karɓi wannan shi ne su ga kai ma ka ɗaure kanka. Ka rubuta cewa ba za ka doki yaro ko ka zage shi ba, ba za ka fita da su wajen gari ba sai da izinin gida, wanda ya bugu a kai za ka cire shi daga wasan ko da ya ce ya warke, kuma duk kuɗin da aka tara na mota ko riga za ka kawo lissafinsa a rubuce. Ka ƙara da cewa biyan kuɗin ba ya sayen gurbi a fili.

Ga yadda buɗewar za ta iya zama:

"Zuwa ga iyayenmu, assalamu alaikum. Mun gode da amanar 'ya'yanku da kuka ba mu. Wannan takarda bayani ce a kan ranakun tirenin, yadda ake zaɓen masu buga wasa, da abin da muke nema daga yara, daga gare ku, da kuma abin da za ku nema daga gare mu. Dokokin sun hau kan kowane yaro ba bambanci."

Kada ta wuce shafi ɗaya, kuma da Hausa, ko ka yi gefe ɗaya Hausa gefe ɗaya Turanci in akwai masu buƙata. A ƙasa ka bar wurin sunan yaro, sunan waliyyi, lambar waya da sa hannu, a yage a dawo maka da shi. Takardar da aka ba yaro ɗan shekara 12 sau da yawa a aljihun wando take ƙarewa, don haka ka karanta ta da bakinka ka tura muryar ta WhatsApp, sannan ka kira taro gajere bayan tirenin ka amsa tambayoyi. Wanda takardarsa ba ta dawo da sa hannu ba cikin mako biyu, ya ci gaba da tirenin amma ba zai buga wasa ba.

Azumi da lokacin jarrabawa kada ka cusa su cikin wannan. Ka ce kawai za a fitar da jadawali na dabam idan lokacin ya zo, kuma ba a ƙirga fashi a cikinsu. Allah Ya taimaka, Koci.